WA YA FARA MAGANA, WA YA BIYA, WA KE JAN RAGAMA?

 

'Yan'uwa, akwai wata yarjejeniya da kusan kowane saurayi da budurwa a ƙasar Hausa suke sa wa hannu ba tare da sun taɓa karanta ta ba. Namiji ne zai fara cewa yana so. Shi zai kai toshi, ya kai kuɗin na-gani-ina-so, ya kai na gaisuwar iyaye, ya haɗa lefe, ya biya sadaki, ya nemi gida. Iyayen yarinya kuma su cika gidan da gado da kujeru da kayan kicin, su biyo da gara. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma duk wanda ya kauce masa sai ya ji a jikinsa.

Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa al'ada abar hukunci ce, kuma abin da mutane suka saba da shi yana zama tamkar sharaɗin da aka ambata da baki. Ma'anar wannan a wajen aure mai nauyi ce. Idan kun yi shiru har aka ɗaura, to al'adar garinku ta yi magana a madadinku, kuma kun karɓa. Saboda haka ba na cikin masu hawa mumbari su ce lefe haramun ne. Kyauta ce, kyauta kuwa halal ce. Abin da nake so mu duba shi ne wanne ne a cikin jerin nan Allah ya ɗora, wanne ne mutane suka ɗora, kuma haƙƙin wane ne kowanne. Sai an san mai haƙƙi ake sanin wanda zai iya yafewa.

Mu fara da wanda zai buɗe baki.

A wajenmu, yarinya ta nuna tana son wani ya aure ta, an gama da ita. Za a ce ta yi kwantai, ko ba ta da kunya. Uba ya yi wa 'yarsa tayin miji, a ce ya rasa yadda zai yi da ita. To mu auna wannan da abin da muka karanta. A littattafan sira, Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, ita ta ga amanar Manzon Allah (SAW) a harkar kasuwancinta, ta tura ƙawarta Nafisa ta je ta ji ra'ayinsa. Bayan ya amsa ne baffanninsa suka je neman aure kamar yadda aka saba. A cikin Suratul Ƙasas, aya ta 26 da ta 27, 'yar dattijon Madyana ta yaba wa Annabi Musa (AS) a gaban mahaifinta da ƙarfi da amana, uban ya fahimta, shi da kansa ya yi tayin. Sayyidina Umar, da 'yarsa Hafsa ta rasa mijinta, ya yi wa Sayyidina Usman tayinta, ya yi wa Sayyidina Abubakar, kafin Annabi (SAW) ya neme ta. Kuma Imamul Bukhari ya kawo labarin matar da ta zo ta bijiro da kanta ga Annabi (SAW). Anas ɗan Malik yana ba da labarin, sai 'yarsa ta ce lallai matar nan kunyarta kaɗan ce. Anas ya gaya mata cewa matar ta fi ta alheri, domin Annabi ta yi kwaɗayi. Kun ga gorin da muke yi yau tun a wancan zamanin an yi shi, kuma sahabi ne ya mayar da martani.

Amma ku lura da yadda aka yi. Khadija ɗan aike ta tura. 'Yar Madyana ta bi ta wajen uba. Hafsa waliyyinta ne ya yi magana. Wannan ba ya nufin yarinya ta shiga akwatin saƙon wani da tsakar dare tana rubuta masa kalaman soyayya. Hikimar ɗan aike ita ce yana kare mutuncin kowa: idan aka ce a'a, maganar ta mutu a tsakanin mutum uku, ba wanda ya ji kunya a kasuwa. Usman ya ce ba ya da niyyar aure a lokacin, Abubakar ya yi shiru, kuma darajar Hafsa ba ta ragu da komai ba.

Ni dai shawarata ga 'yar'uwa da ta ga mutumin kirki: ki gaya wa mahaifiyarki, ko yayanki, ko matar malaminki, a bincika shi tukuna kamar yadda za a binciki wanda ya zo da ƙafarsa. Kada don ke kika fara a sassauta bincike. Akwai kuma wani haɗari da ya kamata a faɗa a fili. Wani namijin, ranar da aka samu saɓani, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne "ai ke kika ce kina so na". Ana iya gane irinsa tun da wuri. Idan ɗan aike ya same shi, kwana biyu sai ga maganar a majalisar abokansa, ko ya fara jan aji, ko ya ce tunda su suka nema sai su rage masa sadaki, to a tattara a bar shi. Wanda ya san darajar abin zai rufa asiri, ya turo manyansa su nema kamar shi ya fara gani.

Sai maganar kuɗi, inda rigimar take.

Abin da shari'a ta ɗora wa namiji sananne ne. Sadaki, wanda Suratun Nisa'i aya ta 4 ta ce a bai wa matan da kansu da daɗin rai. Sai ciyarwa da tufatarwa da wurin zama gwargwadon hali. Sai walima, wadda Annabi (SAW) ya umarci Abdurrahman ɗan Auf ya yi ko da da akuya ɗaya. A mazhabarmu ta Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Dinari kuwa giram 4.25 ne na zinare, rubu'insa ya ɗan haura giram ɗaya. Ba shi da iyaka ta sama. Nana A'isha ta ce sadakin da Annabi (SAW) ya bai wa matansa dirhami 500 ne, kamar yadda ya zo a Muslim. A wani auren kuma ya ce wa mai nema ya je ya samo ko da zoben ƙarfe.

Me aka ɗora wa uban yarinya? Ko cokali. Abin da malamanmu na Malikiyya suka ce shi ne, idan mace ta karɓi sadakinta kafin tarewa, za ta yi kayan ɗaki da shi gwargwadon al'ada, ba a tilasta mata abin da ya wuce shi sai in an yi sharaɗi ko al'ada ta tabbatar. Wato asalin lissafin shi ne kuɗin miji su ne suke komawa gado da tukunya. Mu kuma sai muka juya abin. Muka ƙanƙantar da sadaki, wanda shi ne wajibi kuma mallakin yarinya ita kaɗai, muka kumbura lefe, wanda ake buɗewa a tsakar gida 'yan unguwa su ƙirga atamfa da leshi. Sannan muka ce wa uban yarinya ya rama. Akwati shida aka kawo? To dole jere ya yi daidai da akwati shida, gara ma haka: buhun shinkafa, jarkar mai, katan ɗin taliya, ga alkaki da nakiya da dubulan. Abincin da Allah ya ɗora wa ango, surukinsa ne ke ciyo bashi ya kawo.

Ba a banza ba ne lokacin da Hukumar Hisba ta Kano ta fara aurar da zawarawa a shekarar 2012, abin da gwamnati ta ɗauka bai tsaya ga sadaki ba, har da gado da katifa. Sun san inda aure yake maƙalewa.

Abin da ya fi damuna a tsarin nan ba tsadar ba ce kaɗai. Kowane ɓangare yana ganin abin da ya kashe ya saya masa iko. Ango yana cewa na kashe miki dukiya. Amarya tana cewa duk abin da ke ɗakin nan ubana ya saya, har kujerar da kake kai. An shiga gida kowa da rasit a aljihu.

Saboda lefe da kayan ɗaki amsa-kuwwa suke yi wa juna, ba a iya rage ɗaya a bar ɗaya. Nan ne samari da yawa suke kuskure. Saurayi ya ji wa'azi ya taso da zafinsa, ya ce shi auren sunna zai yi, ba lefe. Madalla. Amma ranar jere yana tsaye yana jiran kujeru saiti biyu da firji. Wannan ba sunna yake bi ba, rabin al'adar da ya yi masa daɗi ya riƙe. Idan za ka ce ba lefe, to a numfashi ɗaya ka ce ba gara, kuma gado da katifa a wuyanka.

Bari in kawo yadda wasu suka yi, don a ga abin a aikace. Wani matashi mai gyaran waya da ke zuwa karatunmu na bayan magariba ya tara naira miliyan ɗaya da rabi. Yarinyar da yake nema malamar firamare ce, mahaifinta ɗan fansho. Lissafinsa na farko shi ne na kowa: hayar shekara dubu 400, lefe dubu 800, sadaki dubu 150, sauran dubu 150 na hidimar biki. A can gidan kuma uban ya fara neman mai sayen ɗan filin da ya mallaka, don ya yi kayan ɗakin da zai dace da wannan lefe. Yarinyar ce ta ji maganar filin, ta kasa barci, ta gaya wa saurayin.

Ga yadda lissafin ya koma. Haya tana nan dubu 400. Lefe ya sauko zuwa akwati biyu, dubu 300, kayan da za ta sa da gaske. Sadaki ya hau zuwa dubu 400. Gado da katifa dubu 250, shi zai saya. Dubu 150 walima da abincin watan farko. Kuɗinsa bai ƙaru ba bai ragu ba, wurin zamansa kawai ya sauya. Iyayenta suka ɗauki kayan kicin da 'yan kujeru da kuɗin adashin mahaifiyar, aka ce gara a tsaya kan kayan zaƙi na al'ada. Fili ya tsira.

Amma akwai abubuwa uku da sai da aka zauna a kansu, kuma duk mai son bin wannan hanya ya kula da su. Na farko, ƙara sadaki yana da gefe biyu. Dukiyarta ce, ba uba ba miji da zai taɓa sai da yardarta. Sai dai in wata rana zama ya ƙi, ta nemi khul'i, sadakin ne galibi ake cewa ta mayar. Sai da aka gaya mata wannan ta ji da kunnenta kafin ta amsa. Na biyu, tunda a mazhaba miji yana iya cewa a yi kayan ɗaki da sadakin, sai aka ambata a fili cewa ya sauke wannan, ta yi abin da ta ga dama da shi. Zinare ta saya ta ajiye. Na uku, gadon na wane ne? A al'adarmu kayan ɗaki na mace ne, in aure ya mutu da su take tafiya, kuma wannan ba ƙaramar kariya ba ce ga mata. Masu kiran a soke kayan ɗaki baki ɗaya suna manta wannan. Idan miji ne ya saya, to a faɗa tun yanzu: kyauta ce ya ba ta, ko nasa ne. Wannan yaron ya ce kyauta ce, aka rubuta a takarda, waliyyai biyu suka sa hannu. Wani zai ce rubutu rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da rubuta bashi tsakanin muminai.

Yadda maganar ta bi ta isa ga manya shi ma darasi ne. Da su biyu suka gama shawara a zaure suka fito suka sanar, da an ce yaron ya raina gidan, ita kuma an ce ya shanye ta. Lefe ba harkar ango da amarya ba ce, harkar iyaye mata ce da gwaggonni da ƙannen uwa, su ne za su sha gori a gidan suna da gidan biki. Sai yarinyar ta fara da mahaifiyarta, ta ce, "Umma, ni filin Baba nake ji. In aka sayar saboda ni, ƙannena uku da ke bayana da me za a yi musu?" Uwar ta yi kwana biyu ba ta ce komai ba. Damuwarta ɗaya ce, kada a ce sun bayar da 'ya sadaka. Abin da ya warware wannan shi ne sadakin. Ranar ɗaurin aure ana faɗar sadaki a bainar jama'a, dubu 400 lakadan, ba mai cewa an yi arha da yarinyar. Sannan aka je wajen babbar gwaggo, wadda aka san in ta ƙi ba mai iyawa, aka nemi shawararta tun kafin sa rana, aka bar mata ita ta sanar da dangi. Mutum yakan kare abin da aka sa shi a ciki. An yi 'yan maganganu, ba a rasa ba, wata ma ta ce akwati biyu ko na 'yar tsana. Bayan mako biyu wani bikin ya taso aka koma kansa.

Lokacin yin wannan magana shi ne kafin sa rana. In an riga an kai kayan sa rana, an fara yi wa kafinta ajiya, duk wanda ya zo da sabon tsari za a ɗauka ya gaza ne yake neman mafaka a addini. A wannan zaman ne kuma ya dace a faɗi makomar kaya idan an fasa. Fatawar da malaman Malikiyya na baya suka rinjayar ita ce, in fasawar daga wajen mace ce, namiji yana karɓar abin da ya bayar, in daga wajensa ce ba ya karɓa, sai in akwai sharaɗi ko al'ada da ta saɓa. Shari'o'i nawa ne a kotunanmu da asalinsu toshin Sallah ne da wayar hannu?

Yanzu jan ragama.

Suratun Nisa'i aya ta 34 ta bai wa maza tsayuwa a kan al'amuran mata, ta kuma ambaci ciyarwa daga dukiyarsu a cikin dalilan. Wannan ba abin da za mu yi wa kwaskwarima ba ne don mu burge wani. Amma ayar miji take nufi. Kai saurayi, kafin a ɗaura, baƙo ne kai a wajenta kamar kowane namiji a titi. Ba ka da ikon cewa kada ta je gidan ƙawarta sai ta tambaye ka, ba ka da ikon karɓar wayarta ka bincika, ko ka ce ta bar makaranta. Kuɗin zance ba ya sayen wannan. Mai jan ragama a lokacin neman aure waliyyinta ne, shi ma da iyaka, domin Annabi (SAW) ya warware auren Khansa'u 'yar Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba. Ke kuma 'yar'uwa, duk abin da kika roƙa a wajen saurayi, na kati ne ko na anko, ki sani yana rubutawa a zuciyarsa, kuma da shi zai ji ya isa da ke tun ba a je ko'ina ba.

Bayan aure ma shugabancin ba ya hana shawara. Allah ya ce a Baƙara aya ta 233 ko yaye yaro za a yi kafin lokaci, sai da yardar juna da shawara tsakanin uwa da uba. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka da aski, shawarar Ummu Salama Annabi (SAW) ya bi: ya fita bai yi wa kowa magana ba, ya yanka hadayarsa, ya yi aski, kowa ya tashi ya bi.

To me ma'aurata za su iya sauyawa a nan? Duk abin da yake haƙƙin ɗayansu ne, mai shi yana iya yafewa don kansa. Nana Sauda ta bar wa A'isha kwananta. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta kasance tana ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka gaya mata tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Don haka malamar firamaren nan in ta ga dama ta sa albashinta a cefane, alheri ne. Amma sadaka ce, ranar da ta daina ba ta yi laifi ba. Inda ake ɓata abin shi ne a mayar da shi sharaɗin ɗaurin aure, a ce an aura a kan ba ciyarwa a wuyan miji. Malamanmu sun ce irin wannan sharaɗi ya ci karo da manufar auren, har ana raba shi in ba a tare ba. Haka kuma ba a aure a kan ba sadaki, ko da yarinyar ce ta ce ta yafe tun farko. Sai ya zama nata tukuna, sannan ta bayar da abin da ranta ya so.

Sharuɗɗan da ba su rushe manufar aure ba kuwa, kamar ta ƙarasa karatunta, ko ta ci gaba da koyarwa, ko ba za a haɗa ta gida ɗaya da dangi ba, a faɗe su a gaban waliyyai. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su ne na aure. Malamai sun yi saɓani kan wanne alƙali zai tilasta da wanne aka bar wa tsoron Allah na miji, shi ya sa "ai ya yi min alkawari a waya" ba ya isa. Abin da saurayi ya faɗa a zaure da daddare yana cikin shauƙi daban, abin da ya maimaita a gaban baffansa da baffanki daban. In ya ce ya yarda amma kada a gaya wa manya, to bai yarda ba.

Saura tambayar da nake yawan samu: idan su biyun sun daidaita, iyaye suka ƙi fa? Sai a duba me aka ƙi. In uwa ta dage sai akwati huɗu maimakon biyu kuma yaron zai iya ba tare da bashi ba, ya yi, ya sayi zaman lafiya da surukarsa, ba a fara aure da karya zuciyar uwa a kan atamfa. In kuwa abin da ake nema zai kai shi ga bashin ruwa, ko ya kai uban yarinya ga sayar da gonar da ake ci da ita, ko a ɗage aure shekara biyu yara suna zance kullum ba a san abin da Shaiɗan zai kitsa ba, to nan ba wurin kawaici ba ne. A nemi wanda iyayen suke jin nauyinsa, limamin unguwa ko wani dattijo a dangi, ya je da lissafin a rubuce, ya nuna musu abin da kowane gida zai sauke, ba gida ɗaya ba. Kuma mai zuwan ya fara ta wajen iyaye mata.

Wallahu a'alam.